Moto mai kilowat 22: amfiya 30 ko 40? Obalod na ta yanke mini wuta

Mai Inji, Jega: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman agajin masu lantarki. Na sawo moto na hannu mai fes uku, kilowat 22, na ɗora ma injin casar shinkafa. Farantin jikinshi ya goge ta gefe guda, wurin da anka rubuta amfiya ba ya karantuwa. Abin da ya rage shi ne 22 kW, 415 V, cos φ 0.85, sai 90% can ƙasa. Yaron da ke yi min wayarin ya buga lissafi ya ce amfiya 30 da ɗoriya zai ja, don haka munka sa obalod, abin da ke yanke wuta in moto ya ja amfiya fiye da kima, mai tashi daga 23 zuwa 32, munka murɗa shi har ƙarshe. In injin na gudu babu kaya lafiya lau. Da an fara zuba shanshera, kafin a yi nisa sai ya yanke. Ga shinkafar rani ta shigo, buhunan mutane jibge a ƙofa. Moton ne ya lalace ko mi?

Oga Mai Wayarin, Birnin Kebbi: Wa alaikumus salam Alhaji. Yaronka ya yi maka ƙwauron lissafi. Mu a wurin aiki ba mu tsayawa dogon turanci: kilowat sau biyu, shi ne amfiya. 22 sau biyu 44. Ka cire wancan obalod, ka sa babba, ka kai shi 50 ka huta.

Ɗan Koyo: Oga ni ne yaron. Ban yi da ka ba wallahi. Na raba 22,000 da 1.732 sau 415, ya ba ni 30.6. Haka na gani ana yi wa fes uku.

Hajiya Mai Shanshera: Ni dai buhuna goma sha biyu nake da su a wurin, a taimaka a gama muhawara kafin ranar kasuwa.

Baba Injiniya, Argungu: Ɗan Koyo, hanyar da ka ɗauko daidai ce, tsayawa ka yi a tsakiya. Lissafin da ka yi na hita ne, ko duk wani abu da ke mayar da wuta zafi kai tsaye. Moto yana da lambobi biyu da ka bari a kan faranti ba ka taɓa ba, kuma su ne suka ci amfiya goman da ka rasa.

Fara da kilowat ɗin kansa. Wannan 22 da aka buga a faranti ƙarfin da ke fitowa ne ta sandar moto, wurin da fuli yake. Ba shi ne abin da moto ke sha daga waya ba. Kafin ƙarfi ya kai sanda, wani ɓangare ya tafi a zafin koyil, da zafin ƙarfe, da gogayyar boris, da juya fankar baya. Wancan 90% da Alhaji ya gani shi ne ifishensi, wanda ake rubutawa η a lissafi: cikin ɗari da suka shiga, casa'in ke fita. Saboda haka don a samu 22 a sanda, sai 22 raba 0.90 ya shiga, wato kilowat 24.4. Ragowar 2.4 zafi ne, shi ya sa jikin moto ba ya taɓuwa da rana.

Na biyu shi ne cos φ, fawa fakto. Moto ba ya juyawa sai an gina maganaɗisu a cikin ƙarfensa, kuma wutar da ke gina shi shiga take ta koma, ba ta zama aiki. Amma ta cikin wayarka take wucewa, ta cikin kontakta, ta cikin obalod, kuma tana ɗumama su kamar kowace amfiya. Ga dukan lissafin a haɗe:

```
I = (kW × 1000) / (1.732 × V × η × cos φ)
I = 22000 / (1.732 × 415 × 0.90 × 0.85)
I = 22000 / 549.9 = 40 A
```

Amfiya 40 ke nan in moton ya ɗauki cikakken kaya a kan bolt 415. Obalod da aka tsaida a 32 yana ganin kashi 25 cikin ɗari sama da abin da aka ce masa, dole ya yanke. Aikinsa yake yi.

Ɗan Koyo: Baba na gane na farkon. Na biyun ne bai zauna min ba. Ai ifishensi da fawa fakto duk asara ce, me ya sa ba a haɗe su lamba ɗaya ba?

Hajiya Mai Shanshera: Tsaya, in amfiya ta tashi daga 30 zuwa 40, ke nan kuɗin wuta ya ƙaru, ke nan kuɗin casa zai ƙaru? Alhaji kada ka ce mana komai a kan buhu.

Baba Injiniya, Argungu: Hajiya, babu abin da ya ƙaru, moton tun farko abin da yake sha ke nan, lissafin ne bai kai ba. Amma tambayarki ta buɗe amsar yaron. Mita mai ƙirga yunit tana ƙirga kilowat 24.4 ɗin nan ne: awa ɗaya da cikakken kaya, yunit 24 da ɗan wani abu. Asarar ifishensi tana cikin wannan, ana biyanta da kuɗi. Fawa fakto kuwa ba ya ƙara yunit, girman amfiya yake ƙarawa. Ku da kuke harkar shinkafa kun fi ni sani: motar da ta ɗauko shanshera daga Suru har da ɓuntu take ɗaukowa, ba a sayar da shi a kwano, amma ya cinye wuri a mota. Waya, bireka, taransifoma da janareta duk da ɓuntun ake auna su. Shi ya sa janareta ake rubuta masa kVA. Wannan moton 24.4 raba 0.85 ne, kusan kVA 29.

Ɗalibin Foli, Birnin Kebbi: Ranka ya daɗe, ƙarin bayani a kan 1.732 ga masu ganin kamar tsafi ne. Tsakanin fes da nutural bolt 240 ne, tsakanin fes da fes 415. Fes uku kowanne na kawo nasa rabo, 3 sau 240 ya ba da 720. In kuma da 415 ka yi aiki, 1.732 sau 415 ya ba da 719. Abu ɗaya ne. Wanda ya sa 3 sau 415, ko 1.732 sau 240, shi ne ya ɓata.

Oga Mai Wayarin, Birnin Kebbi: To duk wannan zagayen, 40 kuka samu ni na ce 44. Mene ne nisan? Ban taɓa buga cos komai ba, kuma motocin da na haɗa daga nan har Kamba suna nan suna aiki.

Baba Injiniya, Argungu: Sau biyun ka ba shirme ba ne, Oga. In za ka sayi kebul ko kontakta a kasuwa ba ka da lokacin lissafi, yana kai ka gida, don ya ɗan zarce gaskiya kuma zarcewa a kebul ba ta cutarwa. Ga matsakaitan motoci a 415 ainihin lambar ta fi kusa da 1.8. Ga ƙananan motoci, irin kilowat ɗaya da ƙasa, takan kai biyu har ta wuce, saboda ifishensi da fawa fakto ɗinsu sun fi ƙasa. Inda na rabu da kai shi ne 50 a obalod. Koyil ɗin da aka naɗa don amfiya 40, in ka bar shi ya ja 50, zafin cikinsa ba kashi 25 yake ƙaruwa ba. Zafi na tafiya da amfiya sau kanta: 1.25 sau 1.25, kashi 56 ke nan. Kuma an gina waɗannan motocin ne a kan iskar da ba ta wuce digiri 40 ba. Ka shiga rumfar kwano a Jega a watan Afrilu da azahar ka gaya min nawa ne.

Alhaji, kafin ka sayi komai ina da tambaya. Sitata ɗinka sita-delta ne? In eh, a ina obalod yake zaune: a kan wayoyi ukun da suka fito daga bireka, ko a ƙarƙashin babban kontakta, kan uku daga cikin wayoyi shidan da suka tafi moto?

Mai Inji, Jega: Sita-delta ne. Na tambayi yaro, ya ce yana sama, bayan bireka, kafin wayoyi su rabu zuwa kontakta.

Baba Injiniya, Argungu: To 40 ɗin ce ta shafe ka. Nemi mai tashi daga 37 zuwa 50, ka tsaida shi a 40.

Mai Ƙanƙara, Yauri: Ku yi haƙuri in shigo da tawa, don wanga lissafi bai yi aiki a wurina ba. Ina da moto kilowat 15 a kan kwamfireso. Faranti ya ce 28 A. Na danna lissafin Baba da lambobin farantina, 0.89 da 0.84, ya ba ni 27.9, lafiya. Amma in na maƙala mita a waya 16 nake gani, ko da kwamfireso na aiki sosai. Ke nan ko faranti na ƙarya, ko moton rabin ƙarfinshi kawai nake mora. Har na fara tunanin ƙara mishi kaya.

Mai Naɗi, Gusau: Kada ka ƙara masa komai tukuna. A wace waya ka maƙala?

Mai Ƙanƙara, Yauri: A bakin akwatin moto, ɗaya cikin wayoyi shida.

Mai Naɗi, Gusau: Shi ke nan. Moton ka a cike yake taf. A haɗin delta, amfiyar da ta zo ta layi ɗaya rabuwa take tsakanin koyil biyu, kowace waya cikin shidan nan tana ɗauke da na layi raba 1.732, wato sau 0.58. 28 sau 0.58 nawa ne? 16 da 'yan kai. Je ka maƙala a saman sitata, kan wayoyi ukun da suka shigo, za ka ga kusan 28. Yanzu abin da ya fi damuna: obalod ɗinka ina yake, kuma nawa aka tsaida shi?

Mai Ƙanƙara, Yauri: Manne yake a ƙasan kontakta. Wanda ya haɗa ya sa shi a 28, ya ce daidai da faranti.

Mai Naɗi, Gusau: To ka sani ba ka da obalod, ado ne kawai a akwati. A wurin nan 16 ya kamata ya gani. Kafin waya mai 16 ta kai 28, layi ya kai 48, koyil ya daɗe da fara wari. Ana kawo min irin waɗannan shago, koyil baƙi ƙirin fes ukun gaba ɗaya, mai shi yana rantsuwa obalod bai taɓa yankewa ba, kuma gaskiya yake faɗi. Ka sa mai iya sauka 16 yau ɗin nan. Ni ciniki ne a wurina in ka ƙi.

Oga Mai Wayarin, Birnin Kebbi: Wannan kam gaskiya ne, na sha ganinsa. Amma na Alhaji ni har yanzu ina cewa 40 ba za ta riƙe ba. Wutar da ake samu a layi ba 415 ba ce, kowa ya sani. Ku bari a auna ku gani.

Ɗan Koyo: Na ari mita mai baki na auna yanzu ana cikin casa. Amfiya: 41, 42, 47. Bolt a bakin sitata, fes da fes: 389, 386, 380. Da babu kaya kuma amfiya 14 yake ja, ban gane wannan ba, ai babu abin da yake yi.

Oga Mai Wayarin, Birnin Kebbi: Kun gani? 47. A sa 40 a ga ko buhun Hajiya zai fita.

Baba Injiniya, Argungu: Oga ya canki wutar, wannan nasa ne. Matsakaicin bolt ɗin 385 ne. Injin casa bai san wuta ta ragu ba, ƙarfin da yake nema a sanda shi yake nema, sai moto ya rama da amfiya. Mayar da 385 cikin lissafin:

```
I = 22000 / (1.732 × 385 × 0.90 × 0.85) = 43 A
```

Matsakaicin abin da yaro ya auna 43.3 ne. Lambobin 0.90 da 0.85 suna ɗan motsawa in bolt ya canza, don haka kada a riƙe shi kamar awon zinari, amma ya nuna moton yana ba da kusan dukan kilowat 22 ɗinsa, kuma lafiyarsa ƙalau.

Sai dai a nan ne mutane ke zamewa. Lissafi ya ce moto zai ja 43, bai ce koyil zai jure 43 ba. Kaurin wayar da ke cikin koyil bai canza ba don wutar gari ta yi ƙasa. Iyakarsa 40 ce jiya, 40 ce yau. Juya lissafin ta baya: a bolt 385 da amfiya 40, abin da za ka samu a sanda shi ne 1.732 sau 385 sau 40 sau 0.90 sau 0.85, kilowat 20.4. Da wannan wutar, moto mai kilowat 20 Alhaji yake da shi. Maganin yau shi ne a rage buɗe ƙofar da shanshera ke zuba, yaro na riƙe da mita a kan fes ɗin da ya fi ja, har ya sauko 40. Casa za ta ɗan rage sauri, amma ba za ta tsaya ba.

Batun 14 kuma, Ɗan Koyo, ita ce wutar maganaɗisun da na faɗa. Ko babu kaya sai an gina shi, shi ya sa moto irin wannan yakan ja wajen kashi ɗaya cikin uku na cikakkiyar amfiyarsa yana gudu fanko. A lokacin fawa fakto ɗinsa ya faɗi ƙasa sosai, ba 0.85 ba ne. Lambobin faranti na cikakken kaya ne kaɗai. Don haka kada ka ga amfiya 20 ka ce rabin kaya ne, ƙasa da rabi ne.

Ɗalibin Foli, Birnin Kebbi: Baba, 47 ɗin fa? Bambancin bolt ɗin bai kai ya kawo ba, biyar ne kawai daga matsakaici, kashi 1.3. Amma amfiya ta karkace fiye da kashi 8.

Baba Injiniya, Argungu: Haka moto yake. Ƙaramin rashin daidaito a bolt yana fitowa ninki shida zuwa goma a amfiya, don haka lambobin sun dace da juna. Lissafin da muke yi ya ɗauka fes ukun daidai suke, ba shi da bakin magana a kan wannan. Kuma fes mai 47 shi ne zai fara ƙonewa, zafinsa ya haura na ƙa'ida da kusan kashi 38.

Mai Naɗi, Gusau: Ni ban yarda a ɗora wa wuta laifin duka ba tun yanzu. Moto na hannu ne, wa ya san ko an taɓa naɗa shi? In wanda ya naɗa ya rage zagaye a fes ɗaya, ko ya gasa ƙarfen da wuta mai yawa wajen cire tsohon koyil, haka za ka gani. Kuma 90% ɗin da ke faranti ya zama tarihi. Akwai gwaji mai sauƙi. A kashe wuta daga bireka, a tabbatar da mita cewa ta mutu, sannan a matsar da wayoyi ukun da ke shiga sitata kowace gaba ɗaya: ta farko ta koma gurbi na biyu, ta biyu na uku, ta uku na farko. Haka juyin moto ba zai canza ba. A sake aunawa. In 47 ta bi wayar da ta zo daga waje, matsalar wuta ce. In ta tsaya a gurbin da take, a duba moto ko bakin kontakta.

Oga Mai Wayarin, Birnin Kebbi: Kai da kanka kake tona asirin masu naɗi?

Mai Naɗi, Gusau: Na masu ƙona koyil da tayar mota nake tonawa.

Baba Injiniya, Argungu: Gwajin nan a yi shi. Akwai kuma abin da ban tambaya ba. Ɗan Koyo, tunda da 30 ka yi lissafi, wane kebul ka ja, kuma nisan nawa ne daga mita zuwa sitata?

Ɗan Koyo: Mai 6 ne na tagulla, Baba. Nisan zai kai mita 60, don rumfar tana bayan fili.

Baba Injiniya, Argungu: To wani ɓangare na bolt ɗin a cikin gidanku yake ɓacewa. Kebul mai 6 yana zubar da kusan milibolt 6.4 a kowace amfiya a kowace mita a fes uku. 6.4 sau 43 sau 60, bolt 16 da rabi. Mai 10 zai zubar da kusan 10, mai 16 kuma kusan 6. Ban da haka, amfiya 43 ta yi wa mai 6 yawa a wannan zafin, taɓa shi ana aiki za ka ji. Auna bolt a bakin mita da bakin sitata a lokaci guda injin na casa. In can 400 ne nan 385, ka san inda sauran suka tafi.

Mai Inji, Jega: Mai 16 mita sittin? Baba kun san kuɗin tagulla kuwa yanzu? Oga, mai 10 bai isa?

Oga Mai Wayarin, Birnin Kebbi: Mai 10 ya isa Alhaji, ni shi nake sa wa 22. Bolt huɗu ne tsakaninsu, ba su kai kuɗin ba.

Baba Injiniya, Argungu: Zai ɗauki amfiyar in a sarari yake yana shan iska. In cikin bututu zai bi, ko jikin kwano inda rana ke duka, ni 16 zan sa. Ku auna tukuna kafin a yi ciniki.

Mai Ƙanƙara, Yauri: Na maƙala a sama kamar yadda Mai Naɗi ya ce. 27, 28, 27. Na aika a sawo obalod ƙarami.

Hajiya Mai Shanshera: Ni ban ji an ambaci buhunana ba.

Mai Inji, Jega: Hajiya naki ne farko da safe. An samo obalod mai 37 zuwa 50, mun tsaida shi a 40, za mu rage zubi. Yaro ya busa ɓuntun da ya toshe ragar fanka, ya yi yawa ƙwarai. Musanya wayoyi da awon bakin mita sai gobe in an kawo wuta, zan turo lambobin. Oga, ka tambayo min kuɗin mai 10 da mai 16 duka biyun.